Awon wuyan hannu don agogo da awarwaro: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Yawancin waɗanda suka sayi maɗaurin agogo ko abin hannu ya ƙi zama musu daidai ba rashin awo ne ya jawo musu ba. Sun auna ɗin, sai dai sun ɗauki lambar da tef ya nuna suka miƙa wa mai kaya a matsayin tsawon abin da suke so. Kewayen wuyan hannu daban, tsawon abin da za a ɗaura masa daban, kuma ratar da ke tsakaninsu tana canzawa gwargwadon kaurin abin da taurinsa. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan wannan ratar suke kewayawa.

A ina daidai zan ɗora tef ɗin?

Shafa wuyan hannunka ta gefen ƙaramin yatsa, za ka ji wani ƙashi da ya ɗan turo. Agogo yana zama ne a bayan wannan ƙashin, wato ta ɓangaren gwiwar hannu, ba a kansa ba, ba kuma a gabansa inda hannu ke lanƙwasawa ba. A nan za ka zagaya tef ɗin tela. Ka buɗe tafin hannu ya kalli sama, ka saki yatsu yadda suke, kada ka dunƙule su, kada kuma ka baje su da ƙarfi, domin duka biyun suna motsa jijiyoyin wurin su canza awon. Tef ya kwanta a fata ko'ina ba tare da ya nutse cikinta ba. Idan ka cire shi ka ga ya bar shaida, ka ja da yawa, sake.

Ka karanta awon da milimita, ba da “kusan sha bakwai” ba. Tsakanin santimita 16.5 da 17.4 akwai milimita 9, wanda ya fi tazarar huda guda a maɗaurin fata, ya kuma kai gaɓa guda a sarƙar agogo. Ka auna hannun da kake sa agogon a kai, saboda hannun da mutum ya fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri.

Ba ni da tef ɗin tela. Zare zai yi?

Zai yi idan babu yadda za a yi, amma takarda ta fi shi. Zare yana miƙewa idan aka ja shi, yana kuma nutsewa cikin fata, sai awon ya fito ƙarami. Yanki siririyar takarda mai faɗin yatsa guda daga gefen farar takardar nan ta ofis, wadda tsawonta santimita 29.7 ne, ka zagaya ta, ka sa biro ka yi alama inda bakinta ya haɗu da jikinta, sannan ka shimfiɗa ta a kan rula. Idan rular ma ta yi ɓatan dabo, katin cirar kuɗi na banki tsawonsa milimita 85.6 ne. Takardar da ta kai tsawon kati biyu cif tana nuna wuyan hannu mai kusan milimita 171.

Wani abu game da tef ɗin kansa. Akwai tef na ɗinki da ake kawowa daga Sin wanda ɗaya gefensa ba inci ba ne, awon gargajiyarsu ne da kowane ɗaya yake daidai da santimita 3.33, alhali inci santimita 2.54 ne. Wanda bai lura ba zai karanta 5 ya ce wuyan hannunsa inci 5 ne, alhali ya haura inci 6 da rabi. Ka tsaya a gefen santimita, idan kuma tef ɗin ya tsufa ka gwada shi da rula tukuna, domin tsohon tef yana sakin jiki.

Da wane lokaci ya fi kyau a auna? Na auna da safe da yamma na samu lamba biyu.

Duka biyun gaskiya ne. Wuyan hannu yana hawa yana sauka cikin yini. Da sanyin asuba, musamman a hunturu, jijiyoyin jini na kusa da fata suna tsukewa, hannu ya ɗan rame. Da rana ta take a watan Afrilu, ko bayan tafiyar ƙafa hannu na reto, ko bayan an ci abinci mai gishiri, sai ya cika. Bambancin 'yan milimita ne, amma a sarƙar ƙarfe wadda ba ta miƙewa 'yan milimitan nan su ne tsakanin jin daɗi da ƙosawa a cire agogo.

Ka auna sau biyu, da safe da kuma bayan la'asar, ka yi lissafi da babbar lambar. Maɗaurin da ya ɗan yi sako-sako da safe ana iya zama da shi. Wanda ya matse da rana kuwa aljihu zai koma.

Nawa ne sararin da ya kamata a bari?

Ga agogo, abin da aka saba gwadawa shi ne ɗan ƙaramin yatsa ya shiga tsakanin maɗauri da fata ta ƙarƙashin hannu, da ɗan ƙyar. Idan ya shige da sauƙi har manuni ma ya bi, ya yi yawa. A lamba wannan yakan kama milimita 5 zuwa 10 a kan awon fata. Sai dai yatsun mutane ba ɗaya ba ne, shi ya sa na fi yarda da gwajin motsi.

Ɗaura agogon, ka sauke hannu ka girgiza shi. Ya kamata ya ɗan zame kaɗan, amma kada ya tsallake ƙashin nan ya sauko kan bayan hannu, kada kuma kan agogon ya juya ya koma gefe. Daga nan ka dafa tafin hannu a ƙasa kamar mai sujada. A nan ne wuyan hannu ya fi lanƙwashewa baya, kuma a nan ne agogon da ya sauko ƙasa da yawa yake caka wa mutum abin murɗa lokaci a bayan hannu. Masu tuƙa babur sun san wannan cakar, domin riƙon kan babur ma haka yake lanƙwasa hannu. A ƙarshe ka bar shi a hannu na minti 20 ka cire. 'Yar shaida mai ɓacewa nan take ba komai ba ce. Idan zanen gaɓoɓin sarƙa ya fito raɗau ya daɗe, ko yatsu suka fara jin kamar ana tsira musu allura, ya matse.

Nauyin agogo ma yana da ta cewa. Ɗan ƙaramin agogon roba irin Casio F-91W ba shi da nauyin da zai ja kansa, ko an bar shi da sarari zai zauna. Babban agogon ƙarfe kuwa idan aka ba shi sarari iri ɗaya sai ya riƙa faɗawa gefe yana bugun ƙashi, don haka mai nauyi ya fi son a ɗan ƙara matse shi.

Na ga an rubuta 115/75 a jikin maɗaurin fata. Me yake nufi, kuma ta yaya zan san zai yi mini?

Maɗaurin fata ko na roba gida biyu ne. Akwai dogo mai hudoji, wanda ake maƙalawa ta gefen ƙarfe 6, akwai gajere mai ɗauke da maɓalli, ta gefen ƙarfe 12. Lambar farko tsawon dogon ce da milimita, ta biyu ta gajeren, kuma ba a haɗawa da ƙarfen maɓallin a lissafi. 115/75 da 120/80 su ne tsawon da aka fi samu a kasuwa. Gajeru sukan zo a 105/65, dogaye kuma su kai 130/85 ko sama.

Kuskuren da ake yi shi ne a tara 115 da 75 a samu 190 a ce ai wannan na mai hannu santimita 19 ne. Ba haka ba ne, don abu biyu. Na farko, kan agogon ma yana cikin da'irar, yana cin nasa rabon. Na biyu, jelar da ta wuce hudar da ka maɓalla ba ta cikin da'irar ko kaɗan.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Mutum ya auna wuyan hannunsa da yamma ya samu milimita 175. Maɗaurin da yake so kaurinsa kamar milimita 3 ne. Zai ƙara milimita 13, wanda ya ƙunshi sararin motsi da kuma abin da kaurin fatar zai cinye idan ta lanƙwasa, sai ya samu 188. Daga nan ya kifa agogonsa ya auna daga ɗan fil ɗin da ke riƙe maɗauri a sama zuwa na ƙasa, ya samu 44. Ya cire 44 daga 188, saura 144. Ya cire gajeren ɓangare, 75, saura 69. Ma'ana yana buƙatar huda a milimita 69 daga inda dogon ɓangaren ya haɗu da agogo. A maɗauri mai tsawon 115, hudoji sukan fara daga wajen milimita 48 su ƙare wajen 90, tsakanin kowace da mai bi mata kamar milimita 6 zuwa 7. 69 ta faɗa tsakiya, yana da hudoji gaba yana da su baya. Wannan maɗaurin nasa ne.

Yanzu a ɗauki maɗaurin nan a ba mai wuyan hannu 200 da agogo iri ɗaya. 213 a cire 44 a cire 75, saura 94, ya wuce huda ta ƙarshe, ba zai ma maɓallu ba. Shi 130/85 yake buƙata, inda lissafin zai ba shi 84. A ba mai hannu 150 da agogo mai tazarar 40: 163 a cire 40 a cire 75, saura 48, wato huda ta can ciki, da jela mai tsawon kusan santimita 7 tana zagayowa har ta leƙo saman hannu. Wannan 105/65 ne daidai da shi.

Idan kana tsaye gaban mai kaya, ba sai ka yarda da lambobina na hudoji ba. Ɗora rula a kan maɗaurin ka duba ko akwai huda a inda lissafinka ya nuna, da aƙalla ɗaya a kowane gefenta.

To lambar nan ta 18, 20 ko 22 fa?

Wannan faɗi ne, ba tsawo ba, kuma agogo ake aunawa, ba hannu ba. Ita ce tazarar da ke tsakanin ƙahoni biyun da maɗauri ke shiga. 18, 20 da 22 su suka fi yawa, amma akwai agogo masu 19 da 21. Ka auna daga ciki zuwa ciki. Maɗaurin fata mai laushi na 20 yana iya matsuwa ya shiga gurbin 19, amma na 18 a gurbin 20 zai bar fil a buɗe, ya riƙa zamewa hagu da dama, wata rana wani abu ya kama fil ɗin agogo ya faɗi. Idan ka ga an rubuta 20/18, yana nufin 20 a wajen agogo, 18 a wajen maɓalli.

Huda ɗaya ta matse, ta gaba ta yi sako-sako. Yaya zan yi?

Wannan ya zama ruwan dare, tunda tazarar huda ta kai milimita 7 kuma jin daɗin hannu yana iya rataya a kan milimita 3. Idan maɗaurin sabo ne, ka yi haƙuri mako ɗaya ko biyu a hudar da ta ɗan matse, domin sabuwar fata tana tsaye ƙiƙam, sai ta lanƙwasa ta bi siffar hannu take ba da sarari. Idan bai gyaru ba, kai wa baduku ya fasa huda a tsakanin biyun da ƙarfen huda mai zagayayyen baki. Kada ka sa ƙusa ko tsinin almakashi. Su yaga fata suke yi, yagar kuma tana ci gaba har ta haɗe da hudar da ke kusa. Idan hudojin sun yi kusa da juna har babu naman da zai rage, a canza maɓallin da wani mai ɗan tsawo ko gajarta, shi ma yana matsar da awon da 'yan milimita.

Sarƙar agogon ƙarfe: gaɓa nawa zan cire, kuma daga ina?

Sa agogon a inda zai zauna, ka rufe maɓallin, ka tattaro rarar sarƙar da yatsu biyu ta ƙarƙashin hannu har ta zauna yadda kake so, ka ƙirga gaɓoɓin da suka taru. Wannan ya fi kowane lissafi sauri. Amma ga mai aika awo daga nesa, ga yadda yake: wuyan hannu 170, ana son cikin sarƙa ya zama kamar 178. Sabon agogo a rufe cikinsa 205, kowace gaɓa milimita 9. Rarar 27 ce, wato gaɓa uku.

Inda ake cire su ya fi yawansu muhimmanci, kuma a nan ne gaggawa take ɓata aiki. Idan aka zare ukun duka daga gefe ɗaya, maɓallin zai karkace ya koma gefen hannu, shi kuma ya riƙa jan kan agogon yana juya shi. Mai shi sai ya ɗauka sarƙar ce ta yi yawa, ya sa a ƙara cire gaɓa, ta matse, agogon kuma bai fasa juyawa ba. A raba su: biyu daga gefen ƙarfe 6, ɗaya daga gefen ƙarfe 12, sannan a duba ko farantin maɓallin da ke naɗewa ta ciki ya zauna a tsakiyar cikin hannu. Farantin ake dubawa, ba murfin da ake gani daga waje ba, domin shi ne ke kwance a fata.

Ka duba cikin sarƙar za ka ga 'yan kibiyoyi a kan gaɓoɓin da ake iya cirewa. Ana tura fil ya fita ta inda kibiya ta nuna, ana mayar da shi ta kishiyar hanya, tsagaggen bakinsa ya shiga a ƙarshe. Wasu sarƙoƙin, irin na agogon Seiko da yawa, suna da wani ɗan mitsitsin bututu da ke riƙe fil ɗin. Idan ya faɗi ba a lura ba, fil zai shiga lafiya lau, amma bayan kwanaki ya zare da kansa. Shi ya sa ake yin aikin a kan farin ƙyalle ko cikin faranti. Masu sukurori kuma suna son ɗan sukundireba mai bakin da ya yi daidai, in ba haka ba kan sukurun ya lalace. Gaɓoɓin da aka cire a adana su, jiki yana canzawa.

Gyaran ƙarshe a jikin maɓalli yake. Yawancinsu suna da 'yan ramuka uku ko huɗu a gefe, kowane yana matsar da awo da milimita 2 zuwa 3. Ni dai shawarata a saita sarƙa fil yana ramin tsakiya, yadda idan zafi ya shigo za a sassauta, idan sanyi ya zo a matse, ba tare da an taɓa gaɓa ba. Manyan agogo sun mayar da wannan abin yi da yatsa kawai: Rolex yana da maɓalli mai ƙarin milimita 5 da ake buɗewa a rufe, da wani na agogon masu nutso da ke zamewa milimita 2 bayan 2 har zuwa kusan 20.

Za a sayo mini awarwaron zinare daga Dubai. Awon wuyan hannu zan tura?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi tsada, musamman a kayan lefe inda mai sayen yana wata ƙasa, mai sawar tana gida. Awarwaro rufaffe ba ya buɗewa, dole ya bi ta kan hannu kafin ya isa wuyansa. Saboda haka wurin da ya fi faɗi a hannu ake aunawa. Ki haɗe yatsu, ki kawo babban yatsa ya taɓa gindin ƙaramin yatsa kamar za ki sa awarwaron, wani ya zagaya miki tef a kan ƙasusuwan gindin yatsu, ya haɗa da gindin babban yatsan. A nan an yarda a ɗan ja tef, domin hannu yana matsuwa lokacin sawa.

Masu zinare da yawa a can suna amfani da awon Indiya, inda za ki ji ana cewa 2.4, 2.6, 2.8. Lambar da ke bayan ɗigon ba ta goma ba ce, kashi ne cikin 16 na inci. 2.4 yana nufin inci 2 da kashi 4 cikin 16, faɗin ciki milimita 57, kewaye kusan santimita 18. 2.6 faɗinsa milimita 60, kewaye kusan 19. 2.8 inci biyu da rabi ne, milimita 63.5, kewaye kusan 20. Na gaba da shi 2.10 ne, wanda ya fi 2.8 girma duk da yadda yake a ido, kewayensa kusan 21. Idan tef ya nuna miki santimita 18.8, 2.6 ne naki. Idan kin faɗa tsakani, ki duba faɗin jikin awarwaron: siriri yana sulalewa ta kan ƙashi, mai faɗi ba ya yafiya, a ɗauki na sama.

Hanya mafi aminci ita ce ki ɗauko awarwaron da kike sawa yanzu yana miki daidai, ki ɗora shi a kan rula, ki auna faɗin cikinsa ta tsakiya daga bango zuwa bango, ki tura lambar da milimita. Mata biyu masu wuyan hannu iri ɗaya suna iya bambanta da lamba guda ko biyu a awarwaro, saboda ɗaya hannunta yana naɗewa, ɗayar ƙashinta a tsaye yake.

Mai buɗewa da ɗan sukuru ko maɓalli ba ya cikin wannan hukunci. Shi wuyan hannu ake aunawa a ƙara santimita 1 zuwa 1.5.

Munduwa mai buɗaɗɗen baki, irin ta azurfa da maƙeran Agadas ke yi fa?

Ita wuyan hannu take bi. Kewayen cikinta, haɗe da gibin bakin, ya fi awon fata da milimita 5 zuwa 10. Ana sa ta ne ta gefe, a inda hannu ya fi sirancewa, a cusa baki ɗaya cikin taushin cikin hannu sannan a juya ta. A gyara bakinta sau ɗaya ya yi daidai a bar shi. Mai buɗe ta yana matsewa kullum yana gajiyar da ƙarfen, wata rana za ta tsage ta tsakiya.

Na shirya abin hannu na duwatsu daidai awon hannuna da ƙarin santimita guda, amma ya matse. Me ya faru?

Kaurin duwatsun ne ya cinye sararin. Zaren yana bi ta tsakiyar dutse, fata kuma tana taɓa cikin dutsen, don haka da'irar da hannu ke samu ta fi ta zaren ƙanƙanta. Abin da ake asara shi ne kaurin dutse sau 3.14. Dutse mai milimita 4 yana cin kamar 13, mai 8 yana cin 25, mai 10 yana cin 31. Kin ga ƙarin santimita guda bai ma biya rabin abin da dutse mai 8 ya ci ba.

A ce wuyan hannu 160 ne, murjanin kuma mai milimita 8. 160 da 25 sun zama 185, a nan duwatsun suna manne da fata ba sarari. A ƙara 7 na motsi, 192. A raba da 8, duwatsu 24. Da an bi awon farko na 170, da duwatsu 21 za a zura, cikinsu kuma bai fi 143 ba. Idan zaren roba ne zai miƙe ya shiga, ya bar ramuka a fata, robar kuma ta yi saurin tsinkewa.

Siririyar sarƙar hannu ba ta da wannan matsala sosai. A ƙara santimita 1.5 zuwa 2 a kan awon fata, a tabbata tsawon da mai kaya ya faɗa ya haɗa da maɓallin. Wadda aka rubuta inci 7 santimita 17.8 ce, ta 7.5 kuma 19.

Ina cire agogo sau biyar a rana don alwala. Wannan yana shafar abin da zan zaɓa?

Ƙwarai kuwa. Maɗaurin fata mai maɓalli irin na bel yana lanƙwashewa a wuri ɗaya duk lokacin da aka kwance shi, kuma idan aka mayar da shi kan jiƙaƙƙen hannu fatar tana shan ruwa. Sannu a hankali hudar tana faɗaɗa ta zama doguwa, awon da ya yi daidai a watan farko ya koma sako-sako, daga baya ta tsage a nan. Ka goge hannu ya bushe kafin ka mayar. Wanda yake son fata duk da haka, ya nemi maɓalli mai naɗewa irin na sarƙa, wanda ake saitawa a huda ɗaya a bar shi, sai dai farantinsa yana cin wuri ta ciki, a gwada shi a hannu kafin a biya. Sarƙar ƙarfe da roba sun fi jure wannan hidima. A mai naɗewa ka tabbata idan an buɗe shi hannu yana fita ba tare da kokawa ba, domin mai siririn wuyan hannu da faffaɗan tafi yakan samu sarƙar da ta zauna daidai amma ba ta wuce ƙasusuwan yatsu.

Agogon zamani mai ƙirga bugun zuciya shi ma da sarari iri ɗaya?

Ya fi son matsewa kaɗan. Yana haska koren haske cikin fata yana karanta yadda jini ke bugawa, idan akwai rata hasken waje ya shiga ko agogon yana rawa, lambar ta rikice. A ɗaura shi kamar faɗin yatsa guda a bayan ƙashin, a ƙara huda ɗaya lokacin motsa jiki, a sassauta bayan an gama. Gumi da ke maƙalewa ƙarƙashin roba a lokacin zafi yana kawo ƙaiƙayi, don haka a riƙa cirewa ana wanke wurin.

Awarwaro ya maƙale, hannu ya kumbura. Yaya za a yi?

Kada a yi ta ja, jan yana ƙara kumburin. A ɗaga hannun sama da kai na 'yan mintuna, a tsoma shi cikin ruwan sanyi, a shafa sabulu ko man shafawa. Dabarar da mata suka sani tana aiki: a sa hannu cikin siririyar leda, a cusa bakinta ƙarƙashin awarwaron, a naɗe babban yatsa ciki, wata ta matse ƙasusuwan yatsun ta riƙa juya shi a hankali yana hawa kan ledar. Idan yatsu sun fara yin sanyi, ko sun canza launi, ko ba a jin su, a bar dabara a tafi asibiti, yanke zinare abu ne da maƙeri zai iya haɗawa daga baya.

Mai juna biyu ta cire rufaffen awarwaro tun watannin tsakiya, kafin hannu ya fara cika. Idan kuma kumburin hannu da fuska ya zo mata farat ɗaya, musamman tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, a kai ta a auna mata hawan jini a ranar. Na jarirai kuwa a riƙa duba shi kowane mako, ana tura ɗan yatsa ƙarƙashinsa, domin hannunsu yana cika da sauri kuma naman wurin yana iya rufe zaren har ba a ganinsa.